Takardar Binciken Kullum a Ɗakin Ajiyar Magunguna

Takardar binciken kullum jerin abubuwa ne da mai kula da ɗakin ajiyar magunguna yake dubawa kowace safiya, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu, kafin a fara fitar da kaya zuwa gaban kanti. Ana amfani da ita a sito na asibitoci da kantunan magani, har da ƙananan kemis irin waɗanda ke unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi. Babban aikinta shi ne hana magani ya kai ranar ƙarewar wa'adinsa yana zaune a kan kanta, da hana wanda ya riga ya ƙare ya faɗa hannun majinyaci. A Ghana hukumomi biyu ne ke da ruwa da tsaki a nan: Hukumar Abinci da Magunguna, wato FDA, wadda ke aiki ƙarƙashin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 mai lamba 851, da Majalisar Masu Haɗa Magunguna, wadda ke ba kantuna lasisi bisa doka mai lamba 857 ta 2013. Jami'an duka biyun suna iya shigowa duba kanti, kuma sayar da maganin da wa'adinsa ya wuce laifi ne.

Karanta ranar ƙarewa

A jikin kwali ana buga abubuwa uku kusa da juna: EXP, ranar ƙarewa ke nan, MFG, ranar da aka yi maganin, sai LOT ko Batch No., lambar rukunin da kamfani ya haɗa a lokaci guda. Idan wata da shekara kaɗai aka rubuta, kamar EXP 06/2026, maganin yana nan da wa'adinsa har ranar ƙarshe ta watan, wato 30 ga Yuni. Sabon yaron shago yakan rikita MFG da EXP, musamman inda aka danna lambobin a bakin ledar ƙwayoyi ba tare da tawada ba, sai an karkata ta ga haske ake iya karanta su.

Ranar da ke jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi. Kamfani ya auna ta ne bisa cewa za a ajiye maganin a rufe, a yanayin da aka rubuta, galibi ƙasa da digiri 30 ko 25 na ma'aunin Salshiyas. Da an buɗe ko an dama, wani lissafin ne ya shigo. Garin amoksisilin na yara, bayan an zuba masa ruwa, kwana 7 ne zuwa 14 gwargwadon abin da takardarsa ta ce, maganin ɗigawa a ido kuwa yawanci kwana 28 bayan buɗewa. Shi ya sa takardar kullum take farawa da yanayin ɗakin kafin ta zo kan kwanan wata.

Abin da ake dubawa da safe

Farko ma'aunin zafi. Ana karanta na ɗaki da na firji, a rubuta lambar da sa'ar da aka duba, sannan a maimaita da yamma. Firjin magani yana zama tsakanin digiri 2 da 8. Ma'aunin da ke riƙe mafi yawan zafi da mafi ƙarancinsa ya fi amfani a garin da ake fama da ɗaukewar wuta, abin da mutanen Ghana ke kira dumso, domin firjin da ya kwana babu wuta zai iya komawa digiri 5 kafin a buɗe shago, kuma ma'auni na kullum ba zai tona asirin daren ba. Sanyi ma yana ɓarna: insulin da ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke ya koma kamar yadda yake, don haka ba a jingina shi da bangon baya na firji.

Daga nan sai laima. Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a lokacin ne katan ɗin da ke ƙasa yake jan danshi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗora kaya a kan katako da ya ɗaga aƙalla santimita 10 daga ƙasa, a bar santimita 30 tsakaninsu da bango, tsayin jerin kuma kada ya wuce mita 2.5. Mai dubawa yana taɓa gindin katan na ƙasa, ya ɗaga kai ya kalli silin ko akwai tabon yoyo, ya duba kashin ɓera. Akwai alamun da ke nuna magani ya lalace tun ranarsa ba ta zo ba: kafso ya manne da juna, ƙwaya ta canza launi ko tana marmashewa, ruwan allura ya yi gurɓi, asfirin ya fara wari mai tsami kamar na binega. Duk wanda aka gani haka ana ɗauke shi, ko saura shekara guda a jikin kwalinsa.

Sauran layukan takardar ba su da wuya: ƙofa da makulli, tsabta, kayan da suka iso jiya ko an shigar da su a kati, da ƙirga 'yan kayayyaki a gwada da abin da katin ya ce. Ba a ƙirga sito duka kullum. Ana ɗaukar kanta ɗaya ko biyu, ta yadda kafin wata ya ƙare an zagaye ɗakin.

Wanda zai riga ƙarewa shi ke riga fita

Nan ne zuciyar aikin take. Tsarin da ma'aikata ke kira FEFO yana nufin a fara fitar da rukunin da ranar ƙarewarsa ta fi kusa, ko yaushe ya shigo. Ya bambanta da FIFO, inda ake fara fitar da wanda ya riga shigowa. Mai sayar da shinkafa zai iya bin na biyun ya zauna lafiya, amma a magani yana jawo asara, domin kayan da dillali ya kawo yau zai iya zama tsohon ajiyarsa da yake neman rabuwa da shi.

A ɗauki misalin wani kanti a Aboabo da ke fitar da kwali 60 na maganin zazzaɓin cizon sauro, atemita da lumefantirin, a kowane wata. Ranar 1 ga Maris akwai ragowar kwali 150 na rukunin da ya zo a Janairu, mai EXP 11/2026. A ranar kuma aka sauke sabbin kwali 200 daga wani dillali a Adum, amma nasu EXP 06/2026 ne. Idan yaron shago ya tura sabbin baya ya ci gaba da ɗiba daga tsofaffin, kamar yadda hannu ya saba, kwali 150 za su kai shi tsakiyar Mayu. Daga nan zuwa 30 ga Yuni wata ɗaya da rabi ne, wato kwali 90 kacal zai fitar daga cikin 200, sauran 110 su mutu a kan kanta. In kuwa ya jawo masu ƙarewa a Yuni gaba, za su ƙare wajen 10 ga Yuni, sannan ya koma kan 150 ɗin ya gama da su a ƙarshen Agusta, wata uku kafin ranarsu. Kaya ɗaya, ciniki ɗaya, wurin ajiyar kwali kaɗai aka sauya.

Lissafin da ke bayan wannan gajere ne, kuma a kan takardar ake yin sa: a raba yawan kayan da ke hannu da matsakaicin abin da ke fita a wata, sai a gwada amsar da watannin da suka rage. Kwali 200 a raba da 60 ya ba da wata uku da sulusi, watannin da suka rage kuwa huɗu ne, to kayan za su shige, amma da kyar. Da dillalin ya kawo 300, amsar wata biyar ce, kuma tun ranar saukewa an san kwali 60 ba za su fita ba. Lokacin da ya dace a mayar da su ke nan, tun direban bai tada mota ba. Matsakaicin ma ba a amince masa ido rufe. Maganin zazzaɓi yana gudu da damina ya ja baya da hunturu, don haka lissafin da aka ɗauko daga watannin ruwa zai yaudari wanda ya yi oda a Disamba.

Akwai wata iyaka da ake yawan mantawa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko majinyaci zai gama shan maganin kafin ranar ta zo. Na zazzaɓin nan kwana uku ake shan sa, ana iya ba da shi ko saura mako biyu. Amma tsohuwar da ta zo karɓar amlodifin na hawan jini na wata uku ba a ba ta kwalin da zai ƙare nan da mako shida, ko da shi ne a gaban kanta. Irin wannan kwali sai a ware shi ga mai karɓar na wata guda.

Kati da alamar launi

Kowane magani yana da katinsa a rataye ko a ajiye kusa da shi, inda ake rubuta ranar shigowa, lambar rukuni, ranar ƙarewa, abin da ya fita da abin da ya rage. Rukuni biyu layi biyu ne. Wanda ya haɗe su ya rubuta jimla 350 ya ɓoye matsalar da ke misalin can. Lambar rukuni tana da wani amfanin kuma: idan FDA ta sanar da janye wani magani daga kasuwa, da wannan lambar ake nemo shi. Kantuna da yawa suna rubuta ranar ƙarewa da babban alƙalami a gefen katan da ke kallon waje, su kuma manna alamar launi, misali rawaya ga mai saura wata shida, ja ga mai saura uku. Launin zaɓin kowane kanti ne. Manhajar kwamfuta tana iya fitar da jerin masu gab da ƙarewa, amma abin da aka shigar mata ta sani. Ba ta ganin kwalin da ya zame ya faɗa bayan kanta.

Bayan wa'adi ya cika

Ranar farko ta kowane wata takardar tana da ƙarin aiki, domin duk masu ɗauke da watan jiya sun ƙare a dare ɗaya. Ana kwashe su nan take zuwa wani akwati ko kabad mai makulli, dabam da kayan sayarwa, da rubutu a jiki cewa ba na bayarwa ba ne. A rage su daga kati, a shigar da suna da rukuni da yawa da kuɗinsu a littafin asara. Ba a zuba su a kwata ko a bola, inda yara da masu tsince-tsince za su iya kaiwa gare su, ba a kuma ƙona su a bayan shago. Mai kanti yana rubuta wa FDA da jerin kayan, jami'anta su zo su tantance, a lalata su a gabansu, sannan a ba shi takardar shaida da zai ajiye cikin fayil ɗin da masu duba kanti ke nema.