Matatar haske ta uku ba kullum take ƙara duhu ba

Mutane da yawa sun ɗauka matatar haske, irin ta wasu gilasan rana, rariya ce kawai: yawan matatu, ƙarin duhu. Ba haka abin yake ba.

Haske igiya ce mai kaɗawa ta kowace fuska. Matatar haske tana barin kaɗawar fuska ɗaya ta wuce, shi ya sa hasken fitila ke raguwa zuwa rabi. Abin da ake mantawa shi ne, hasken da ya fito ya ɗauki fuskar matatar. Idan ya iske ta biyu, dokar masanin kimiyya Malus ta 1809 ce ke aiki: I = I₀cos²θ, inda I₀ yake ƙarfin hasken da ya shiga ta biyun, I wanda ya fita, θ kuma kusurwar da ke tsakanin fuskokin matatun. A digiri 60 rubu'in abin da ya shiga ne ke fita, a digiri 90 kuwa baƙi ƙirin.

To, bar biyun a digiri 90, ka zura ta uku tsakaninsu a digiri 45. Sai haske ya dawo! Rabi ya zama rubu'i, rubu'in ma ya rabu biyu, ɗaya bisa takwas ke nan. Amma fa sai a tsakiya. Ka ajiye ta gaba ko baya, duhun na nan daram.