Waiwaye: Garin kiriyatin da mai ciki, daga ina maganar ta taso?

Tun da Saudiyya ta fara ba wuraren motsa jiki na mata lasisi a 2017, 'yan'uwanmu mata a Jidda da Makka suka shiga harkar, kuma garin kiriyatin, wanda ake sha don ƙara wa tsoka ƙarfi, ya biyo su har gida. Ana sayensa a saidaliyya ba tare da takardar likita ba. Tambaya takan taso ne ranar da ciki ya bayyana: a ci gaba da sha ko a ajiye?

Kiriyatin ba baƙo ba ne a jiki. Masanin Faransa Michel Chevreul ne ya gano shi a cikin nama a 1832. Ƙoda da hanta suna haɗa kusan giram 1 kullum, nama da kifi su kawo kusan wani giram ɗin, yawancinsa kuma yana ajiye a tsoka don ba da ƙarfi cikin gaggawa. Bayan wasannin Olamfik na Barcelona a 1992 ya yi suna wurin 'yan wasa, har giram 3 zuwa 5 a rana ya zama abin da aka saba sha.

Maganar ciki kuwa daga Ostireliya ta fito. A 2008 masu bincike a Jami'ar Monash suka gwada shi a kan ɓera mai ƙaya, irin wanda ake samu a Masar da Sudan, saboda 'ya'yansa suna zuwa duniya a ƙoshe, ido buɗe, kamar jaririn mutum. Aka sa kiriyatin ya zama kashi 5 cikin 100 na abincin uwar daga tsakiyar ciki, sannan aka tauye wa 'ya'yan iska lokacin haihuwa. Waɗanda uwarsu ta ci sun fi rayuwa. Duk wanda ya san abin da doguwar naƙuda ke yi wa ƙwaƙwalwar jariri zai gane dalilin da ya sa aka ɗora fata a kan wannan. Sai dai ɓera ne, kuma idan aka auna da nauyin jiki, abin da ya ci ya ninka na mutum sau da yawa. A 2014 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta nemi gwajin da aka raba mata masu ciki gida biyu aka kwatanta, ba ta samu ko ɗaya ba. Bitar da aka yi a 2020 ba ta ga mummunar illa ga mata ba, amma ba masu ciki aka auna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne awon ƙoda. Kiriyatin yana rikiɗa ya zama kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa, kuma da shi likita ke auna aikinta. Ƙodar mai ciki tana ƙara tacewa da kusan rabi, don haka adadinsa a jini yakan sauka zuwa tsakanin 0.4 da 0.8 mg/dL.

A ɗauki mace mai cikin mako 28 da ke shan giram 5 kullum, ba ta faɗa a wurin awo ba don a ganinta abinci ne. Ƙafarta ta kumbura, sakamako ya nuna 0.9. Ga wadda ba ta da ciki wannan ba komai ba ne, ga mai ciki kuwa abin dubawa ne. Garin na iya ɗaga adadin alhali ƙoda lafiya lau. Hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, shi ma yana ɗaga shi, kuma yana fara bayyana bayan mako 20. Idan likita ya san da garin, zai auna hawan jini, ya nemi furotin a fitsari, ya sa a daina garin a sake awo. Idan bai san da garin ba, zai bi ƙoda da bincike a banza. Idan kuma matar ce ta ɗora laifin a kan garin ta zauna a gida, nan haɗarin ya fi girma. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska, asibiti ne nan take.

Maganar garin da mai shayarwa ba ta da dogon tarihi. Nono yana ɗauke da kiriyatin tun asali, dakashi ya fi yawa, jariri kuma yana haɗa yawancin nasa da kansa. Ba a auna yawan da ke ƙaruwa a nono idan uwa ta sha garin ba, ga ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, balle bakwaini.

Akwai kuma batun gwangwanin garin kansa. Wani bincike na birnin Cologne da aka wallafa a 2004 ya duba kayan ƙarin kuzari 634, kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jiki ba. Wasu gaurayen kuma cike suke da kafeyin.

Wadda ta sha kafin ta san tana da ciki kada hankalinta ya tashi, ba a nuna yana cutar da ɗan tayi ba. Ta ajiye shi, ta tafi da gwangwanin zuwa awo na gaba, ta faɗa wa likita giram nawa take sha da ranar da ta daina.