Tabbatuwa da ingancin gwajin halayyar ɗan Adam: amsa ga ɗaliban Yamai da Tawa

Malam, mene ne bambancin tabbatuwar gwaji da ingancinsa?

Tabbatuwa ita ce gwaji ya tsaya kan magana ɗaya, wato ya ba da maki iri ɗaya ko kusa da juna muddin abin da ake aunawa bai sauya ba. Inganci kuwa shi ne makin ya kasance yana nuna abin da aka ce yana nunawa. Tiyar da gindinta ya lotsa za ta ba ka awo ɗaya kullum, amma awon ba cikakkiyar tiya ba ne. Ta tabbata, ba ta inganta ba. Kada a sake aiko mini da wannan tambaya, tana cikin darasin farko.

Na samu alfa 0,91. Ke nan gwajina yana da inganci?

A'a. Alfa lamba ce ta auna tabbatuwa, ba ta nuna cewa gwaji yana da inganci. Kuma kafin ka yi murna, ka ƙirga tambayoyinka, domin alfa tana hawa da yawansu ko da dangantakar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Idan matsakaicin dangantakar tambaya da tambaya 0,20 ne, tambayoyi 10 za su ba ka kimanin 0,71, tambayoyi 40 kuma su ba ka 0,91, alhali ba abin da ka gyara sai tsawo. Alfa da ta wuce 0,95 ma sau da yawa alama ce ta cewa tambaya ɗaya aka yi ta maimaitawa da kalmomi daban-daban.

Yaya ake lissafin alfa ɗin da hannu?

Da kun yi wannan sau ɗaya da alƙalami kafin ku buɗe manhajar lissafi ta SPSS, da rabin tambayoyinku sun mutu. Lee Cronbach ne ya fito da ita a 1951, kuma tunanin da ke bayanta mai sauƙi ne: idan tambayoyi suna auna abu ɗaya, wanda ya samu maki mai yawa a ta farko zai samu mai yawa a sauran, saboda haka jimillar makin mutane za ta warwatsu fiye da yadda warwatsuwar tambayoyin ɗaya-ɗaya za ta bayar in an tara su.

```
α = k/(k−1) × (1 − Σs²ᵢ / s²ₜ)
```

A nan k shi ne yawan tambayoyi, s²ᵢ warwatsuwar makin kowace tambaya, s²ₜ kuma warwatsuwar jimilla. Ga misali na ƙirƙira domin koyo, mutum biyar da tambayoyi huɗu, kowace amsa daga 0 zuwa 3:

```
     T1 T2 T3 T4  Σ
A    0  1  0  1   2
B    1  1  2  0   4
C    2  1  1  2   6
D    2  3  2  1   8
E    3  2  3  2   10
```

Matsakaicin jimilla 6 ne. Ka cire 6 daga kowace jimilla, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka tara, za ka samu 40, ka raba da 4, wato yawan mutane ba ɗaya, ka samu 10. Ka bi hanya ɗaya a kan kowace tambaya: ta farko 1,3, ta biyu 0,8, ta uku 1,3, ta huɗu 0,7, jimillarsu 4,1. Sai ka raba 4,1 da 10 ka samu 0,41, ka cire shi daga 1 ya rage 0,59, ka ninka da 4/3. Alfa ta zama 0,79.

Yanzu ka duba tambaya ta huɗu da kyau, domin ba ta bin sahun ƴan uwanta: B ya fi A jimilla amma ya samu 0 a cikinta, D kuma ya faɗi ƙasa da C. Idan ka cire ta ka sake lissafi da tambayoyi uku, alfa tana hawa zuwa 0,84. Wannan shi ne abin da SPSS ke nuna maka a ƙarƙashin `Cronbach's Alpha if Item Deleted`. Amma hawan alfa shi kaɗai bai isa hujjar jefar da tambaya ba, sai ka karanta ta ka ga ko fassara ce ta lalata ta, ko kuwa ita kaɗai ce ke taɓa wani ɓangare na abin da kake aunawa.

Alfata ta fito ƙasa da sifiri. Na'urar ce ta lalace?

Na'urar lafiyarta lau. Kana da tambayoyin da aka juya, irin su "ina jin daɗin rayuwata" a cikin gwajin damuwa, kuma ba ka juya makinsu ba. A ma'aunin 0 zuwa 3, ka cire makin daga 3, ka sake lissafi.

Malam, na fassara PHQ-9, gwajin ciwon damuwa mai tambayoyi tara, zuwa Hausa, na gwada shi a kan mata a wani ƙauye kusa da Tawa. Alfa 0,85, amma da na maimaita bayan wata uku dangantakar ta fito 0,45. In watsar da aikin?

Ki kwantar da hankalinki, ƴata, aikin bai mutu ba tukuna, ko da yake ba zan ce miki yana da lafiya ba sai mun bi abubuwa da dama.

Maimaita gwaji yana nufin a ba mutane ɗaya gwaji ɗaya sau biyu, sannan a lissafa dangantakar makin farko da na biyu, galibi da r na Pearson. Duk hanyar ta rataya ne a kan sharaɗi guda, wato cewa abin da ake aunawa bai motsa ba tsakanin zaman biyu. To, PHQ-9 yana tambaya ne game da makonni biyu da suka wuce, kuma baƙin ciki da mutuwar jiki abubuwa ne masu zuwa su tafi. A binciken da Kroenke da Spitzer da Williams suka wallafa a 2001, an maimaita gwajin ne cikin awa 48, aka samu 0,84. Ke kuma kin bar wata uku. Idan zamanki na farko ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, na biyu kuma bayan kaka, to, mai yiwuwa matan ne suka sauya, wasu sosai wasu kaɗan, gwajin kuma ya faɗi gaskiya sau biyu. A wannan hali 0,45 ba shaida ce a kan gwajin ba. Na ce mai yiwuwa, domin lambar ita kaɗai ba ta iya raba sauyin gaske da kuskuren awo.

Ga inda zan fi zargi. Yawancin matan karanta musu aka yi, ko ba haka ba? Wa ya karanta? Idan a zaman farko ke ce, a na biyu kuma wani saurayi ne daga cikin abokan karatunki, ko kuma uwar miji tana zaune a gefe, ba gwaji ɗaya aka maimaita ba. Haka nan idan takardar Faransanci ce a hannun mai tambaya yana fassarawa da ka, kowace rana da kalmomin da suka zo bakinsa, gwajin ya zama iri-iri. Alfa ba za ta tona wannan ba, domin a zama ɗaya ake lissafa ta, kuma duk abin da ya karkatar da amsoshin ranar yana karkatar da tambayoyin tara ne tare. Shi ya sa babu wani saɓani tsakanin 0,85 ɗinki da 0,45, kowace da irin kuskuren da take kamawa.

Sai kuma ki duba su wa suka dawo. Idan waɗanda suka fi damuwa ba su zo zama na biyu ba, ko sun yi tafiya, sauran makinsu duk ya taru tsakanin 2 da 7, kuma r yana faɗuwa duk lokacin da mutane suka yi kusa da juna a maki, ko da gwajin bai sauya ba. Ki zana makin farko da na biyu a kan allo ɗaya ki gani da idonki, domin in mutanen kaɗan ne, mace biyu ko uku da aka yi wa rasuwa a tsakani sun isa su ja lambar ƙasa.

Shawarata, in akwai hali, ita ce ki sake maimaitawa da tazara gajera, kwana biyu zuwa mako ɗaya, da mai tambaya ɗaya, da fassara rubutacciya wadda ba a taɓa ko kalma ɗaya a cikinta, a wurin da ba mai saurare. Tazara gajera ma tana da nata aibi, tun da mutum yana iya tuna amsarsa ya maimaita ta don kada a ce ya yi magana biyu, lambar ta kumbura. Babu tazarar da ta kuɓuta daga matsalolin biyu, sai dai a zaɓa gwargwadon saurin sauyin abin da ake aunawa: gwajin basira yana jure watanni, gwajin yanayin zuciya ba ya jurewa. Ki kuma haɗa da ICC mai duba daidaiton makin kansa, domin da kowace mace za ta ragu da maki 4 daidai, r zai fito 1,00 alhali babu wadda makinta ya tsaya. Idan bayan duk wannan kika sake samun abin da ke kusa da 0,50, to, fassarar ce za a koma wa.

Mutum nawa suka isa?

Ba biyar ba, kamar misalina na sama, kuma ba ƴan ajinku goma sha biyu ba. Ka nemi hamsin zuwa sama, daga cikin irin mutanen da za a yi wa gwajin.

Marubutan gwajin sun riga sun ba da alfarsu. Dole ne in lissafa tawa?

Dole ne. Alfar 0,89 ta PHQ-9 da aka samu a asibitocin Amurka ta makin waɗancan mutane ce, da Turanci. Ba ta biyo takardar zuwa Yamai.

To yaya zan nuna inganci?

Da hujjoji daga wurare daban-daban, ba da lamba guda ba. Ka fara da abin da tambayoyin suka ƙunsa. Tambaya ta bakwai a PHQ-9 tana misalta tattara hankali da karanta jarida ko kallon talabijin, wanda ba shi da ma'ana ga wadda ba ta yin ko ɗaya, tambayoyin barci da cin abinci da gajiya kuma in aka yi su a watan azumi suna iya auna azumin ne. Sannan ka gwama makin da hukuncin likitan ƙwaƙwalwa da ya zanta da mutanen ba tare da ya ga makinsu ba. Ka kuma sani cewa tabbatuwa tana yi wa inganci iyaka: gwajin da tabbatuwarsa 0,49 ce, dangantakarsa da kowane ma'auni na waje ba za ta wuce 0,70 ba a ƙa'ida.

Wata ta samu 11 a PHQ-9, iyakar kuma 10 ce. In rubuta cewa tana da ciwon damuwa?

Kada ka kuskura. Ka lissafa kuskuren awo tukuna:

```
SEM = SD × √(1 − r)
```

Mu ɗauka SD na mutanenka, wato ma'aunin yadda makinsu ya bazu daga matsakaici, 5 ne, r kuma, wato tabbatuwar gwajin, 0,84. Kuskuren ya zama maki 2, saboda haka makinta na haƙiƙa yana iya kasancewa ko'ina daga kusan 7 zuwa 15, wato kuskure biyu ƙasa da biyu sama. Ka tura ta wurin ma'aikacin lafiya ya zanta da ita, kuma idan ta ba da wata amsa da ba sifiri ba a tambaya ta tara, wadda ke magana kan tunanin mutuwa ko cutar da kai, ka tura ta a ranar ko da jimillarta 3 ce.