An karɓi kuɗin sikirin na asali an saka na arha: tambayoyi da amsoshi

Malam, na biya kuɗin sikirin orijina, amma tun da na dawo gida wayar ba ta yi mini kama da yadda take ba. In kai wa wani mai gyara ya buɗe ya duba?

A'a, kada ka kai. Ranar da wani ya sa hannu ya ɓamɓare sikirin ɗin nan, ranar ka ba wanda ya cuce ka hujjar da yake nema, domin zai ce abin da ya saka daban, wanda ya buɗe ne ya musanya. Ana iya gane yawancin abin da ake son ganewa ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, saboda haka ka bar wayar yadda ya miƙo maka ita.

To ta yaya zan gane an saka mini na arha?

Ya danganta da irin wayar. Ina roƙon mutane su daina haɗa su duka wuri ɗaya. Mu ɗauki Galaxy A51, wadda ake yawan kawo mini daga ƙauyukan da ke kewaye da Wudil. Sikirin ɗinta na asali irin AMOLED ne, wanda kowane ɗigo yake ba da haskensa da kansa, kuma wurin ɗora yatsa yana ƙarƙashin gilashin. Na arhar da ake sakawa a madadinsa LCD ne, wanda masu sayar da kaya suke kira insel, shi kuwa fitila ce a bayansa take haska shi gaba ɗaya. Ka shiga ɗaki da daddare, ka kashe fitila, ka buɗe hoto baƙi ƙirin. Idan AMOLED ne, fuskar wayar za ta yi duhu kamar an kashe ta. Idan LCD ne, za ka ga wani haske toka-toka yana fitowa, musamman ta gefe. Sannan ka gwada ɗora yatsa. Fitilar da ke bayan LCD tana tare na'urar da ke karanta yatsa, don haka idan kafin gyara tana buɗewa da yatsa yanzu kuma ta ƙi, wannan babbar alama ce. Ka kuma shafa gefen wayar, domin na arha ya fi kauri, sau da yawa yakan ɗan ɗago sama da jikinta. A yawancin wayoyin Samsung, idan ka danna wannan a wurin kira, shafin gwajin launuka da taɓawa zai buɗe:

```
*#0*#
```

Mai iPhone 11 ko wadda ta biyo bayanta ya shiga Settings, ya shiga General, ya shiga About, ya duba ko an rubuta Unknown Part a ƙarƙashin Parts and Service History. Amma ya yi hattara, domin wannan rubutun yana iya fitowa ko da sikirin na asali ne da aka ciro daga wata wayar, don haka shi kaɗai bai isa a kira mutum mayaudari ba.

Tawa Tecno ce, na gwada baƙin hoton na ga haske.

Yawancin Tecno da itel masu sauƙin kuɗi da LCD suka zo daga kamfani, wannan gwajin ba naka ba ne. Ka nemi mai irin wayarka wadda ba a taɓa buɗewa ba, ku ƙure hasken duka biyun, ku jera su a rana, ka ɗauki hoto da wata wayar.

Ba a ba ni rasit ba. Shi ke nan na yi asara?

Ba ka yi asara ba, kwantar da hankalinka. Amma wannan ɗabi'ar tana ba ni takaici, mutum zai kai buhun gero kasuwa ya tsaya sai an auna a gabansa, sannan ya miƙa dubban nairori ga mai gyara ya juya ba ko takarda. Idan tiransifa ka yi, alat ɗin shaida ne na adadin da ka biya da ranar da ka biya. Idan ta POS ka biya, ka nemi takardar. Idan kun yi magana ta WhatsApp, kada ka goge komai, musamman saƙon murya da ya ce orijina zai saka. Idan kuma tsabar kuɗi ka ba shi hannu da hannu, wanda ya raka ka shagon shi ne shaidarka, ka sanar da shi tun yau kafin ya manta yadda aka yi.

In je in yi masa tijara a gaban mutane?

Kada ka yi. Ka je da safe, kai da mutum ɗaya mai natsuwa, ka yi sallama, ka nuna masa abin da ka gani.

Na yi sati uku ina amfani da wayar kafin in gane, kuma ƙanena ne ya kai ta birni, ba ni ba. Yanzu ma gilashin ya ɗan tsage. Me zan nema, kuɗina duka ko canji?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda ɗaya, kuma duk wanda ya gaya miki kai tsaye cewa za a mayar miki da kuɗinki duka bai taɓa zama a irin wannan sulhun ba. Abu na farko, ki zaunar da ƙanenki ki tambaye shi cikin ruwan sanyi nawa ya miƙa wa mai gyara da kuma me aka ce masa. Ba ina zarginsa ba ne. Sai dai a kasuwar waya, ko a Farm Centre ne ko a shagon bakin tasha, akan jera wa mutum farashi hawa-hawa, a ce ga na kamfani, ga mai bi masa, ga na ƙasa, kuma ɗan aike yakan zaɓi na tsakiya yana ganin ya kyauta ya rage miki kuɗi. Wani lokacin kuma shi kansa mai gyaran an sayar masa da jabu a kwalin asali, ko da yake wanda ya ƙware ba zai ɗora LCD a wayar AMOLED ya ce bai sani ba. Sai kin tabbatar cewa kuɗin na asali aka biya, kuma da sunan na asali aka karɓa, sannan ƙorafinki zai tsaya da ƙafarsa.

Idan hakan ta tabbata, mu yi lissafi da misali, ki sauya alƙaluman da na gaskiyar ranar da aka yi gyaran, tunda farashin kayan waya yana bin canjin kuɗi. A ce kin biya naira 45,000, a ciki 40,000 na sikirin ne, 5,000 ladan aiki. A ce wanda aka saka miki ana sayar da shi 18,000. Abin da aka ci miki ke nan 22,000. Da gilashin bai tsage ba, da sai in ce ki nemi ya cire nasa ya saka wanda kika biya, ba tare da sabon ladan aiki ba, kuma wannan shi ne mafi tsafta. Amma tunda ya tsage, zai ce ba zai iya mayar wa dilansa ba, kuma a nan yana da ɗan gaskiya, ko da kuwa gilashin arha ya fi saurin fashewa, domin ba za ki iya tabbatar da cewa na asali da bai tsage ba a wannan faɗuwar. A ganina ki nemi bambancin, wato 22,000, ki riƙe sikirin ɗin da ke jiki. Idan kuwa lallai na asali kike so saboda ɗora yatsa, to mai yiwuwa sulhun ya tsaya a kan ki biya kuɗin wanda ya tsage, 18,000, shi kuma ya saka na asali da kuɗin da ke hannunsa. Neman 45,000 duka alhali sikirin yana jikin wayarki yana aiki, masu sulhu ba kasafai suke goyon bayansa ba, kuma yana sa a daina kallon laifinsa a koma kallon taurin kanki.

Game da sati ukun, jinkiri yana raunana magana amma ba ya halatta ha'inci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ki ƙara kwana bayan kin gane, domin idan kika ci gaba da amfani da ita kika yi shiru, za a ce kin gani kin yarda.

Sai na rubuta takarda? Ai magana ta isa.

Ba ta isa ba, domin gobe zai ce ba haka kuka yi ba. Ba doguwar wasiƙa ake bukata ba, ga yadda nake rubuta wa mutane:

"Assalamu alaikum, Malam. A ranar kaza na kawo wayata Galaxy A51, na biya naira 45,000 a kan za a saka mini sikirin na asali. Na duba na tarar wurin ɗora yatsa ba ya aiki, kuma baƙi yana fitowa da haske, alamar LCD aka saka. Ina neman a mayar mini da bambancin kuɗin, naira 22,000, nan da kwana bakwai. Idan ba mu daidaita ba, zan kai maganar ga shugaban ƙungiyarku. Na haɗa da hoton alat da hoton sikirin."

Bukata ɗaya za ka rubuta, da wa'adi ɗaya. Kada ka sa zagi, kada ka kira shi ɓarawo, kada ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Ka tura ta WhatsApp don ranar ta zauna a rubuce, ko ka rubuta kwafi biyu ka riƙe ɗaya.

Ya ce garanti ya ƙare.

Garanti na kayan da ya lalace ne bayan an saka. Kai ba lalacewa kake ƙorafi a kai ba, cewa kake yi ba abin da ka saya aka ba ka ba. Ka maimaita masa wannan har ya ji.

Idan ya ƙi fa?

Ka fara da shugabannin masu gyara da sayar da waya na wannan kasuwar, domin mai shago ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da kowa, kuma su ne za su iya sa a buɗe wayar a gaban kowa a duba. Wannan shi ne lokacin buɗewa, ba kafin nan ba. Idan ɗan garinku ne, mai unguwa ko dagaci yakan kashe irin wannan magana a zama ɗaya. Bayan nan akwai hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Kano, akwai ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma dokar ta hana a sayar da kaya da siffar da ba tasu ba. Kotu ma tana nan. Sai dai ka lissafa kuɗin mota zuwa birni da dawowa da ranakun gona da za ka rasa, ka gwada su da abin da kake bi kafin ka hau wannan hanyar.

Ya yarda zai canza. Me zan yi ranar?

Ka tsaya a wurin, kada ka bar wayar ta kwana. Ka ce ya nuna maka sabon sikirin kafin ya ɗora, ya jona shi ya kunna kafin ya sa gam, ka gwada baƙin hoto da ɗora yatsa da taɓa kowace kusurwa. A wasu wayoyin Samsung sai an sake saita na'urar yatsa bayan canjin sikirin, don haka idan ta ƙi a karon farko ka ce ya saita, kada ka tashi da faɗa. A rasit kuma ya rubuta sunan wayar, da irin sikirin, da kuɗin, da kwanan wata, ya sa hannu.