Ma'anar "hujjar kasafi" da yadda ake fassara ta ga mai ba da tallafi

Duk takardar neman tallafi tana tafe da jadawalin kasafin kuɗi, wato layi-layi na abin da za a kashe da adadin kuɗinsa. Hujjar kasafi ita ce rubutun da ke biye da wannan jadawali, yana ɗaukar kowane layi yana bayyana abin da za a saya ko a biya, guda nawa, a kan nawa, da kuma wane ɓangare na aikin ne yake buƙatarsa. Sau da yawa wanda ke duba ta a wajen mai ba da tallafi jami'in kuɗi ne, ba masanin aikin ba, kuma da injin lissafi a hannu yake karatu. Idan an rubuta ta da Hausa sannan aka ba mai fassara ya mayar da ita harshen mai ba da tallafi, abin da ake nema a wurinsa shi ne wannan jami'i ya iya sake lissafa kowane layi da kansa, ya samu adadin da ke cikin jadawali ba ƙari ba ragi.

Wahalar tana cikin kalmomin da muke amfani da su kullum ba tare da mun lura da faɗinsu ba. Ɗauki kalmar "alawus". Mukan kira kuɗin kwana da abinci na matafiyi alawus, kuɗin mota alawus, ɗan abin da ake ba mai gabatar da lacca shi ma alawus. A wurin mai ba da tallafi kuwa kowanne rukuninsa daban, ƙa'idarsa daban.

A ce wata ƙungiya za ta horar da ma'aikatan lafiya 30, kwana uku, sau biyu a shekara. A hujjar kasafinta ta rubuta: "Alawus na mahalarta horo, dala 4,500." Mai fassarar da ya yi gaggawa zai nemi kalma ɗaya ya ɗora, kuma idan ya zaɓi wadda ke nufin lada, jami'in kuɗi zai fahimci cewa biyan mutane za a yi don kawai sun zo sun zauna, abin da masu ba da tallafi da yawa ba sa amincewa da shi. Mai fassarar da ya san aikinsa zai tsaya ya tambayi wanda ya tsara kasafin: me ke cikin wannan 4,500? Sai a ce masa ai abu biyu ne. Akwai kuɗin masauki da abincin dare, dala 20 ga kowane mutum a kowace rana. Mutum 30 sau kwana 3 sau zagaye 2 sau 20 ya ba da 3,600. Akwai kuma kuɗin mota zuwa da komawa, dala 15 ga mutum ɗaya a kowane zagaye. 30 sau 2 sau 15 ya ba da 900. Idan an haɗa, 4,500 ne cif. To yanzu ne fassara za ta yiwu, domin na farkon yana da sunansa a ƙa'idar mai tallafi, na biyun ma haka, kuma duka biyun kan faɗa ƙarƙashin tafiye-tafiye ko hidimar mahalarta, ba ƙarƙashin albashi ba.

A lura cewa "abincin dare" aka ce, ba "abinci" kawai ba. Idan layin hayar ɗakin taro ya riga ya haɗa da abincin rana, fassarar da ta bar kalmar a buɗe za ta sa a zaci sau biyu aka caji abu ɗaya. A nan nake ganin mai fassara yana da iyaka da bai kamata ya ƙetare ba: ba shi zai ƙirƙiro rabe-raben ba. Idan ya zauna ya raba 4,500 bisa abin da ya ga ya dace, ya ɗora wa ƙungiyar alkawarin da ba ta yi ba, kuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo, da wannan rubutu za su gwada rasit. Nasa shi ne ya gano giɓin, ya yi tambaya, ya fassara amsar.

Kalma ta biyu mai haɗari ita ce "kayan aiki". A bakinmu takarda kayan aiki ce, kwamfuta kayan aiki ce, janareto ma haka. Masu ba da tallafi kuwa sun raba su gida biyu: kayan da ake amfani da su yau da kullum, da manyan kaya masu daɗewa. A ƙa'idar tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, abu ba ya shiga rukunin manyan kaya sai ya kasance zai yi fiye da shekara ɗaya ana amfani da shi, kuma farashin guda ɗaya ya kai dala 10,000, ko iyakar da ƙungiyar ta sa wa kanta idan ta gaza haka. Kafin watan Oktoba na 2024 iyakar dala 5,000 ce. Saboda haka kwamfutocin tafi-da-gidanka biyar a kan dala 700 kowace, a wannan ƙa'ida kayan yau da kullum ne, sai dai in iyakar ƙungiyar ba ta wuce 700 ba. Idan mai fassara ya sa musu sunan manyan kaya, ya jawo matsala biyu. Manyan kaya kan buƙaci izini na musamman kafin a saya. Sannan ba a sa su cikin jimlar da ake ɗora kason kuɗin gudanarwa a kai, wato kuɗin da ke riƙe ofis gaba ɗaya, kamar lantarki da sashen lissafi, wanda ba za a iya jingina shi ga aiki guda ba. Ƙungiyar da ba ta da kaso na musamman da ta daidaita da gwamnatin tana iya cajin har kashi 15 cikin 100. Cire dala 3,500 daga jimlar na nufin asarar dala 525, duk saboda kalma ɗaya. Wannan ya sa kafin a fara fassara ake karanta takardar sanarwar tallafin da fom ɗin kasafin, a kwafi sunayen rukunoni yadda suke a can, harafi da harafi.

Layin albashi ba shi da wuya sosai, muddin an kiyaye adadi. Idan an rubuta cewa akanta zai ba aikin rubu'in lokacinsa, a fassara shi da kashi 25 cikin 100, ba da wata kalma mai nufin "wani ɓangare na lokaci" ba: albashin dala 800 a wata, rubu'insa 200, sau wata 12, ya zama 2,400.

Alƙaluman kansu ma suna da harshe. Abin da Ingilishi ke rubutawa 1,500.50, Jamusanci kan rubuta shi 1.500,50, Faransanci kuma ya bar fili a wurin dubu ya sa waƙafi kafin ɓarin. Idan kasafin ya taso daga wani kuɗi aka mayar da shi wani, dole hujjar ta faɗi farashin canjin da aka yi amfani da shi, da watansa, da inda aka samo shi. Hukumar Tarayyar Turai tana da nata farashin na wata-wata mai suna InforEuro, kuma da shi ake aiki a yawancin tallafinta na waje.

Bayan an gama, a ajiye asalin rubutun gefe, a ɗauki fassarar kaɗai da jadawali. A bi layi ɗaya-ɗaya, a ninka adadin da ke cikin jimlolin, a ga ko ya yi daidai da na jadawali, a kuma tabbatar lambar kowane layi da sunansa iri ɗaya ne a takardun biyu. Duk layin da ba a iya fitar da adadinsa daga kalmomin fassarar kaɗai ba, a mayar da shi ga wanda ya tsara kasafin kafin a tura takardar.