Layin eSIM a agogon hannu

Layin eSIM a agogon hannu tsari ne da ke ba agogo damar kira da amsa kira da kansa, ko da wayar mai shi tana wata unguwa. eSIM ɗan ƙaramin guntu ne da aka liƙa a cikin na'ura tun daga masana'anta, ba a cire shi, kamfanin layi ne ke turo masa bayanan layi ta intanet. Kowanne yana da lambar shaida mai alƙaluma 32 da ake kira `EID`. Agogon Samsung Gear S2 Classic 3G na 2016 ne ya fara amfani da eSIM bisa ƙa'idar GSMA, ƙungiyar kamfanonin layin waya ta duniya, Apple kuma ya biyo baya a 2017 da Apple Watch Series 3.

Yadda agogon ke samun sabis

Agogo ba ya taɓa layinsa muddin yana da wata hanya. Idan waya tana kusa, cikin tazarar kamar mita 10, ta bulutut yake bi, kiran kuma na wayar ne, agogon lasifika ce kawai. Idan ta yi nisa sai ya nemi wayifai da ya sani, in babu sannan ya kunna layinsa. Shi ya sa gwajin da ake yi a shago, waya na aljihu, ba ya nuna komai: agogon da ba shi da layi ma zai yi ƙara. Gwajin gaskiya shi ne a kashe wayar gaba ɗaya, a kashe wayifai na agogon, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan a buga kira daga agogon. A Apple Watch maɓallin layi yana zama kore idan agogon yana kan layinsa, fari kuma idan layin na nan amma ba a kansa yake ba.

Lamba ɗaya ko lamba biyu

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne masu saye suka fi yin asara. Tsari iri biyu ne.

A na farko agogo da waya suna raba lamba ɗaya. Idan aka kira, dukansu suna ƙara, wanda aka kira daga agogo kuma lambar da ya saba gani zai gani. Wannan aiki a na'urorin kamfanin layi ake yinsa, don haka dole agogo da waya su kasance kan kamfani ɗaya, kamfanin kuma ya kasance yana da wannan hidima ta agogo musamman. A iPhone ana shiga manhajar `Watch`, a taɓa `Cellular`, sannan `Set Up Cellular`. A Samsung ana shiga `Galaxy Wearable`, `Watch settings`, sannan `Mobile plans`.

A Najeriya MTN da 9mobile sun fara eSIM na waya a 2020, Airtel kuma a 2023. Sai dai samun eSIM na waya a ofishin kamfani bai nufin kamfanin yana raba lamba da agogo. Apple Watch ba ya karɓar hoton `QR` ɗin da ake bayarwa don saka layin eSIM a waya, sai kamfanin da Apple ya amince da shi, kuma Apple yana wallafa sunayensu ƙasa bayan ƙasa a shafinsa. Duba wannan jeri kafin a biya kuɗi ya fi duk wata rantsuwar mai shago.

A tsari na biyu agogon yana da lambarsa daban, kamar wata ƙaramar waya. Wasu agogunan Huawei da Samsung suna da wurin ɗaukar hoton `QR` a manhajarsu ta waya, ko da yake karɓuwar layin tana hannun kamfani. Layi ne sabo, saboda haka sai an yi masa rajista da lambar NIN, kuma kati da datarsa daban ake saka masa.

Misali

A ɗauki ɗan kasuwa da ke zaune a unguwar Mabera a Sakkwato. Ya bar wayarsa a caji a gida, ya hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Kara, agogonsa kuma mai lamba daban ne. Zai iya kiran wanda ya ga dama, amma baƙuwar lamba za a gani, masu nemansa kuwa wayar da ke gida za su yi ta bugawa. Maganin wannan shi ne karkatar da kira. Kafin ya fita sai ya danna wannan a wayar, ya sa lambar agogon a wurin `LAMBA`:

```
**61*LAMBA**20#
```

Wayar za ta yi ƙara daƙiƙa 20, in ba a ɗauka ba kiran ya wuce agogo. Ana iya zaɓar daƙiƙa 5 zuwa 30, biyar-biyar. `**62*LAMBA#` na lokacin da wayar ta mutu ko ba sabis ne, wanda ya dace da ranar da aka ɗauke wuta. `##002#` yana soke su duka. Kuɗin ɓangaren da aka karkatar daga layin wayar ake cirewa, don haka in katinta ya ƙare kiran ba zai iso ba, mai agogo kuma ba zai san an neme shi ba.

Saƙon tes ba ya bin wannan karkatarwa. Alat na banki da lambar sirrin da banki ke turowa suna can gida a waya. Ko a Apple Watch mai raba lamba, saƙon tes yana isowa ne kawai idan iPhone ɗin tana kunne kuma tana da intanet, duk da cewa ba sai tana kusa ba.

Abubuwan da ke hana aiki

Mafi yawan matsala daga agogon kansa take. Samfuri ɗaya yakan fito iri biyu, mai layi da marar layi, kamanninsu kuma kusan ɗaya. Wanda ba shi da `EID` a sashen `About` ba shi da eSIM. Sai kuma zangon sabis, wato mitar rediyon da kamfani ke aika sabis a kai: kamfanonin Najeriya suna amfani sosai da zango na 3 da na 20 wajen 4G, agogunan Apple da yawa da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa ba su da waɗannan biyun. Agogon hannu-na-biyu da aka shigo da shi daga can zai iya karɓar layi amma ya kasa kama sabis. Apple Watch ba ya aiki da 2G ko kaɗan, don haka a ƙauyen da ƙaramar waya ke kama sabis garau, agogon yana iya nuna babu komai.

Batirin agogo ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na babbar waya ba. Apple ya ƙiyasta wa Series 3 kamar awa ɗaya ta magana a kan layinsa, alhali cajinsa na yini awa 18 ne. Inda sabis ya yi rauni, kamar cikin rumfar kwano a tsakiyar kasuwa, agogon yana ƙara ƙarfi wajen neman turken sabis, cajin ya zube da sauri.

Zafi kuwa a Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne. Apple ya ce an tsara agogonsa don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, garin kuma yakan wuce 40 a watan Afrilu. Kira a kan layi yana ƙara ɗumama agogo, in ya yi zafi sosai yakan dusashe fuskarsa, ya rage ƙarfin sabis ko ya katse kiran don kare batirinsa. Alamar ita ce bayan agogon ya yi zafi a fata kafin kiran ya yanke. A cire shi, a ajiye a inuwa na ɗan lokaci, kada a jona shi a caji sai ya huce.