Ƙaramin Farashi Ba Shi Ne Araha Ba

An daɗe ana ruɗar masu sayen kuɗin kirifto da cewa kwabon da farashinsa bai kai sisi ba shi ne mai araha. Sai ka ji mutum yana cewa: "Idan ya kai dala ɗaya, ai na haye." Wannan lissafin ya manta da abu guda: kwabo nawa ne ke yawo a kasuwa?

Ana gane darajar kwabo ne idan aka ninka farashin ƙwaya ɗaya da yawan waɗanda ke yawo. Abin da ya fito shi ne jimillar darajarsa a kasuwa.

Mu ɗauki Shiba Inu, wanda ke da kwabo kusan tiriliyan 589. A ce ana sayar da ƙwaya ɗaya dala 0.00001. Da dala goma za ka samu miliyan guda, ka ga lalitarka cike, ranka ya yi fari. Amma a wannan farashin jimillar darajarsa ta kusa dala biliyan 6, wato ya riga ya girma. Kafin ƙwaya ɗaya ta kai dala guda, sai jimillar ta zama dala tiriliyan 589, alhali duk abin da duniya ke samarwa a shekara bai wuce tiriliyan ɗari da ɗoriya ba. Bitcoin kuwa yawan kwabonsa ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, shi ya sa ƙwayarsa ke da tsada.

Kafin ka saya, duba yawan da ke yawo, sannan ka duba na kulle da ba a saki ba tukuna, domin ranar da aka sake su, kasonka zai ragu.